Lambata 8, tasa 7, wai ba mu dace ba

A'isha G.: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kar a yi min dariya. An sa ranar bikina bayan babbar sallah, sai wata ƙawata ta turo min bidiyon wata Baturiya a TikTok mai lissafin ranar haihuwa, abin nan da suke kira numaroloji. Ta ce ka jera lambobin ranar da aka haife ka, ka yi ta haɗa su har su koma lamba ɗaya. Ni 14 ga Maris 1998 ce: 1+4+3+1+9+9+8 ya ba ni 35, 3+5 ya zama 8. Shi kuma 29 ga Nuwamba 1992, ya ba ni 34, wato 7. Na duba sai na ga wai 8 da 7 ba sa jituwa, ita 8 mai son kuɗi da mulki ce, shi 7 mai son kaɗaici da shiru. Abin da ya tayar min da hankali shi ne wallahi haka yake, mutumin nan sai ya yi awa guda a zaune bai ce uffan ba. Kwana uku ke nan abin yana cina. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki ne?

Maryam Sokoto Road: Wa alaikumus salam. Ni dai ba zan ce ƙarya ba ne. Shekara biyu ina bibiyar abin. Lambar da kika fitar ita ake kira lambar tafarkin rayuwa, ita ce babba. 1 shugabanci, 2 sulhu da haƙuri, 3 iya magana da fasaha, 4 aiki tuƙuru da tsari, 5 yawo da son canji, 6 riƙon iyali, 7 zurfin tunani, 8 dukiya da iko, 9 tausayin jama'a. Ni 6 ce, kuma kowa a gidanmu ya san ni ce uwar kowa. Amma kar ki tsaya a ranar haihuwa, sai kin haɗa da lambar suna. Wani lokaci suna yana gyara abin da rana ta ɓata.

Ɗanjuma Mai Shayi: Wai lambar NIN ake magana? Ni tawa ma an toshe min layi saboda ita.

Maryam Sokoto Road: Ɗanjuma don Allah ka karanta daga sama 😂

Malam Kabiru Lissafi: A'isha, ƙanwata, kafin mu je ga ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, bari mu ga me kika yi da hannunki. Shekara goma sha shida ina koyar da lissafi a sakandare, kuma wannan haɗe-haɗen da ake yi har lamba ta koma ɗaya ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ɗauki 35 ɗinki, ki raba wa mutum tara. Kowa ya samu uku, saura nawa? Takwas. Ɗauki 34 ɗinsa, kowa uku, saura bakwai. To abin ke nan gaba ɗaya. Lambar da ake fitarwa ragowar rabawa da tara ce, in kuma babu ragowa sai a ce 9.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Goma tara ce da ɗaya. Ɗari 99 ce da ɗaya. Dubu 999 ce da ɗaya. Saboda haka duk lokacin da kika ɗauki 3 da ke cikin 35 kika ƙirga ta uku maimakon talatin, 27 kika zubar, wato tara sau uku. Kina ta zubar da tara-tara ne ba ki sani ba. Masu lissafi na da suna amfani da wannan dabara wajen duba ko sun yi kuskure a ninkawa, kuma har yau ina nuna wa ɗalibaina ita. Abu ne mai kyau. Sai dai labarin tara yake ba ki, ba labarin angonki ba.

Maryam Sokoto Road: Malam, ai don an san yadda abu yake aiki ba shi ne ya zama ƙarya ba. An san yadda ma'aunin zafi yake aiki, kuma yana faɗin gaskiya.

Malam Kabiru Lissafi: Wannan magana ce mai kyau, Maryam, na karɓa. To mu gwada shi kamar yadda ake gwada ma'aunin zafi. In kin sa wa yaro ɗaya sau uku, dole ya ba ki amsa ɗaya. A'isha, me sunan angon, sunan yanka kawai? Kuma Maryam ki ba mu jadawalin haruffan da kike amfani da shi.

A'isha G.: Musa.

Maryam Sokoto Road: Wanda ake jingina wa Fitagoras ne, masanin lissafin nan na tsohuwar Girka. A zuwa I su ne 1 zuwa 9. Sai a sake daga J zuwa R, 1 zuwa 9. Sai S zuwa Z, 1 zuwa 8. MUSA: M 4, U 3, S 1, A 1. Jimla 9. Kin ga, A'isha, sunansa 9 ne, mai tausayi ne. Shirun nasa ba na mugunta ba ne.

Issoufou Maraɗi: Ku tsaya. Mu nan Nijar ba haka muke rubuta shi ba. A takardar haihuwa MOUSSA ne, rubutun Faransanci. Na bi jadawalin Maryam: M 4, O 6, U 3, S 1, S 1, A 1, ya ba ni 16, ya koma 7. Ƙanin babana Moussa ne, yana kasuwanci tsakanin Maraɗi da Jibiya. Ke nan in ya ƙetara iyaka da safe mai tausayi ne, in ya dawo da yamma ya koma mai kaɗaici? Suna ɗaya fa aka raɗa masa, rago ɗaya aka yanka.

Maryam Sokoto Road: Ƙa'idar ita ce a yi amfani da yadda aka rubuta a takardar haihuwa ta farko.

Hajiya Binta: 'Yar nan, wace takarda? Mu da aka raɗa mana suna a zaure, liman ya faɗa, maroƙi ya ɗaga murya, aka raba goro aka watse. Sai da na shiga firamare wani malami ya rubuta sunana yadda ya ga dama. Ashe shi ya zaɓa min hali ke nan.

Malam Kabiru Lissafi: Hajiya ta gama magana. Mu gwada sunan amaryar ma. AISHA: 1+9+1+8+1, 20 ke nan, ya koma 2. AISHATU, ƙara T 2 da U 3, 25, ya koma 7. AISHAT irin rubutun 'yan kudu, 22. AYSHA irin na 'yan gayu, 18, ya koma 9. Mace ɗaya, lamba huɗu. In ta rubuta Aishatu ma ta zama 7, daidai da ranar haihuwar angon, rigima ta ƙare.

Kuma jadawalin ba ɗaya ba ne. Akwai wanda suke kira na Kaldiyawa, wanda wani ɗan ƙasar Ailan mai duban tafin hannu da ake kira Cheiro ya yaɗa. Shi a wurinsa babu harafin da ake ba 9, kuma rabon haruffan daban ne: U 6 ce, S 3 ce. MUSA a can 4+6+3+1, 14, ya koma 5, mai yawo da son canji. Yanzu Musa ɗinmu ya zama 9, ya zama 7, ya zama 5, yana zaune a shagonsa bai san ana yi ba.

Wani abu kuma, tunda haɗawa kawai ake yi, jerin haruffa ba ya tasiri. Musa da "samu" lamba ɗaya. Sani da "nisa" lamba ɗaya. Rabi da "bari" lamba ɗaya. Ban da ɓ, ɗ da ƙ da ba su da gurbi a jadawalin kwata-kwata, mai suna Ɓaidu sai dai ya yi aro.

Ɗanjuma Mai Shayi: To ni sunana na yanka daban ne da wanda ake kirana. Wanne ke aiki? Kuma in lambar ta fito za a iya buga ta a wasan ƙwallo?

Hajiya Binta: Kai Ɗanjuma, Allah ya shirye ka.

Maryam Sokoto Road: Malam ka wuce 22 kamar ba komai ba. 11, 22 da 33 manyan lambobi ne, ba a rage su. Mai 22 ana cewa babban magini ne, mai iya tsayar da abu mai ɗorewa.

Malam Kabiru Lissafi: Ban manta ba, nan ne ma abin ya fi ba ni dariya. Ɗauki wanda aka haifa 4 ga Yuli 1989. In kin jera duka kin haɗa: 4+7+1+9+8+9, 38, ya koma 11. Babbar lamba, sai a ce masa mai ilhama ne, na musamman. In kuma kin bi ɗaya hanyar da wasunsu ke koyarwa, ki rage rana daban, wata daban, shekara daban: 4, da 7, da 1989 da ta koma 27 ta koma 9. Jimla 20, ya koma 2. Babu 11 ko'ina. Su kansu masu abin ba su daidaita kan wace hanya ce daidai ba. A wurin mai lissafi babu mamaki, 11 da 20 da 38 duk ragowarsu biyu ce. Hanyar da ka bi ce kawai ke sa ka ratsa ta 11 ko ka kauce mata.

Alaramma Nasiru: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni abin da zan ce, na Turawan nan kwaikwayo ne, shi ya sa yake tangal-tangal. Haruffan boko ba su da adadi na asali, jera su kawai aka yi aka liƙa musu lamba. Mu a tsangaya hisabi muka sani, na abajada. Alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa dubu. Wannan ba ƙirƙira ba ce, da haruffan nan ake rubuta adadi tun da can. Shi ya sa malamanmu na da suke rufe waƙa da ramzi, kalma ɗaya da in ka lissafa haruffanta za ta ba ka shekarar da aka yi waƙar. Muhammad 92 ne, mim 40, ha 8, mim 40, dal 4, ko a Kano ko a Masar. Babu maganar Moussa da Musa, rubutun Larabci ɗaya ne. Masu yi kuma ba sunanka kaɗai suke ɗauka ba, suna haɗawa da na mahaifiyarka, su yi ta fitar da goma sha biyu-goma sha biyu, abin da ya rage shi ne burujinka. Ban ce a yi ba. Na ce dai in za a yi maganar lamba da suna, a san inda tushen yake.

Malam Kabiru Lissafi: Allah ya gafarta Malam, rabin maganarka na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Abajada adadi ne na gaske, kuma ƙasar nan ta yi masana a fannin. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimai, murabba'an nan da kowane layi ke ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Amma ina da tambaya. Sin nawa ce a wurinku?

Alaramma Nasiru: 300.

Malam Kabiru Lissafi: To a Masar da Makka 60 ce. Ku jerin Magariba kuka gada, su na Gabas suke bi, kuma haruffa shida ne suka saɓa: sin, shin, sad, dad, za mai ɗauri da gain. Muhammad ya tsira ne don babu ko ɗaya a cikinsa. Shi ya sa 786 da 'yan Indiya da Pakistan ke rubutawa a madadin Bisimilla ba za ta fito a lissafinku ba, 1026 za ku samu. Musa kuwa akwai sin: mim 40, wawu 6, sin, ya 10. A Gabas 116, ragowa 8. A naku 356, ragowa 5.

Yanzu ga abin da nake so in nuna. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya kawo a cikin littafinsa Muƙaddima wani lissafi da ake kira hisabun nim, ana jingina shi ga Aristo, masanin falsafar Girka. Sarakuna biyu za su yi yaƙi, sai a lissafa sunan kowanne, a yi ta fitar da tara-tara. Daidai abin da Baturiyar A'isha ke yi. In ragowar biyun duk cika ne ko duk mara ne, mai ƙarama ke nasara. In ɗaya cika ɗaya mara, mai babba ke nasara. Shi Ibn Khaldun ya kawo shi ne a cikin hanyoyin da'awar sanin gaibu da ba su da hujja. Mu gwada da Annabi Musa, alaihis salam, da Fir'auna. Fir'auna: fa 80, ra 200, ain 70, wawu 6, nun 50, jimla 406, ragowa 1. Da jerin Gabas, 8 da 1, cika da mara, babba ya ci, lissafi ya dace da abin da ya faru. Da jerin Magariba, 5 da 1, duk mara, ƙarami ya ci. Wato lissafin ya ba Fir'auna nasara. Mun kuwa san wanda ruwa ya ci.

Alaramma Nasiru: Harafin ƙarshen Musa wasu alif suke ƙirga shi, 1 ba 10 ba.

Malam Kabiru Lissafi: 347 ke nan, Malam. Fitar da tara-tara, biyar ce dai ta rage. Tsakanin 10 da 1 tara ce, ta zube.

Alaramma Nasiru: Zan koma in duba. Akwai sharuɗɗan da ba a rubutawa a littafi, baki da baki ake karɓarsu.

Ustaz Auwal: Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba, ko ya dace ko bai dace ba. Hadisi ne a Sahihu Muslim, wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ko a faifan ƙasa aka yi, ko da carbi, ko a waya da Turanci, sunansa duba. A'isha, ki yi istihara, ki sa waliyyanki su yi bincike, shi ke nan.

Maryam Sokoto Road: Ustaz ni ban taɓa cewa yana faɗin abin da zai faru gobe ba. Hali yake nunawa. Kamar a ce maka ɗan fari yakan yi kaza, auta yakan yi kaza. Wannan ma duba ne?

Ustaz Auwal: Wadda ke tunanin fasa aure saboda 7 da 8, ai gobe take tambaya, ba hali ba.

Maryam Sokoto Road: To amma ku bayyana min wannan. Najeriya 1 ga Oktoba 1960, jimla 18, 9. Nijar 3 ga Agusta 1960, jimla 27, 9. Kamaru 1 ga Janairu 1960, 18, 9. Maƙwabta uku, lamba ɗaya, matsaloli iri ɗaya. Duk dace ne?

Issoufou Maraɗi: Chadi ma maƙwabciya ce, 11 ga Agusta 1960, 26, 8. Me ya sa kika tsallake ta? Ko su sun fi mu kuɗi ne?

Malam Kabiru Lissafi: Kuma wa ya ce 1960 aka haifi Najeriya? Haɗewar kudu da arewa 1 ga Janairu 1914 ce, 17, 8. Aljihu tara ne kawai, Maryam, kuma kowa dole ya faɗa ɗaya. Mutanen duniya sun haura biliyan takwas, kowace lamba ta kwashi kusan miliyan 900. In kin tara mutum goma a ɗaki, dole biyu su yi tarayya a lamba.

Amma A'isha, ban amsa ainihin abin da ya dame ki ba, cewa bayanin ya dace da shi. A 1948 wani malamin nazarin halayya a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, sannan ya ba kowa takarda ya ce ga bayanin halinka kai kaɗai. Ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda ɗaya ya raba wa kowa, kalma da kalma. Ki yi gwajin da kanki. Ki kwafo bayanin lamba 4 da na 2 da na 9, ki goge lambobin, ki karanta kina tunanin Musa. Mai aiki tuƙuru? Mai haƙuri? Mai tausayi? Ki faɗa mana wanne ne bai dace ba.

A'isha G.: Na yi. Duk sun dace 😭 Na 4 ma ya fi na 7 kama da shi. Sai kuma na tuna ni a gida da watan Musulunci Mama ke ƙirga min. Na duba, ranar tawa ta faɗa 15 ko 16 ga Zulƙida 1418, ya danganta da ganin wata. In 15 ce jimlar 22, in 16 ce 23, wato 5. Ke nan ni 8 ce, ko 22, ko 5.

Maryam Sokoto Road: Da kalandar Miladiyya ake yi. Amma gaskiya ban san dalili ba, zan tambaya a wani zauren da nake ciki. Ni dai har yanzu 6 ɗina ta dace da ni, ko me za ku ce.

Hajiya Binta: Ke A'isha, zo nan. Shirun ne ya dame ki, ba lambar ba. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, shekara talatin da ɗaya muka yi, in ya dawo daga kasuwa rediyonsa kawai yake kunnawa. Shiru iri biyu ne. Akwai na wanda haka Allah ya yi shi, akwai na wanda ke ƙunsa a ciki sai ranar da ya fashe. Ki aika yayanki ya zauna da abokansa da maƙwabtan shagonsa, a tambaya yaya yake in an ɓata masa rai, yaya yake da mahaifiyarsa, yana biyan bashi. Sannan wannan 29 ga Nuwamba ɗin, wa ya ba ki ita?

A'isha G.: A katinsa na gani, Hajiya.

Hajiya Binta: Tambayi ƙanwarsa.

A'isha G.: Na kira ta yanzu. Tana ta dariya. Ta ce wannan ranar shi ya zaɓa lokacin da zai yi rantsuwar shekaru a kotu don neman aiki, har ya rage shekara biyu. Ta tambayi Innarsu, ta ce ita dai ta san da sanyi ne, ana cikin casar dawa, ran wata Laraba.

Issoufou Maraɗi: Maryam, Laraba lamba nawa ce?

Maryam Sokoto Road: A Kaldiyanci ko a na Fitagoras? 😒

Ɗanjuma Mai Shayi: Ni ma 1 ga Janairu aka sa min, ni da yayana da maƙwabcinmu, duk rana ɗaya a wurin rajista. A lissafa min tawa don Allah, 1985.